Tikitin jirgi, katin banki da farashin dala: a yi lissafi kafin a biya



Aikin sakatare ya wuce rubuta bayanin taro. Duk mai shirin Umara, ko ɗan kasuwa mai nufin Dubai ko Guangzhou, ko uban da ɗansa ya samu makaranta a Alƙahira, sai ya biyo ta ofishinmu da wayarsa a hannu, kuma kusan kullum maganar ɗaya ce: "Malam Sakatare, akwai kuɗi a asusuna, amma kati ya ƙi biya." Na ga gara in rubuta abin da na fahimta a nan, kowa ya karanta a tsanake.

Katin naira bai taɓa biyan dala da kansa ba. Idan ka saye tikitin da aka sa wa farashi da dala, bankinka ne yake fitar da dalarsa ya biya kamfanin jirgin, sannan ya cire naira daga asusunka a kan farashin da shi ya yanka a ranar. To idan dala ta yi wa bankin ƙaranci, sai ya sa iyaka. Abin da ya faru ke nan a 2022, lokacin da bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya ma suka rufe ƙofar ɗungurungum. Sai a watan Yulin 2025 wasunsu suka sake buɗewa. GTBank, alal misali, ya fara ne da dala 1,000 a duk wata uku. Kowane banki da tasa iyakar, kuma suna sauya ta, don haka lambar da maƙwabcinka ya faɗa maka bara ba hujja ba ce yau. Bankinka za ka tambaya.

Su ma kamfanonin jirage sun sha tasu wahalar a wancan lokacin. Suna sayar da tikiti da naira, amma ba su samun dalar da za su kai kuɗinsu gida. A 2023 ƙungiyar IATA ta ce kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800. Emirates ta dakatar da zuwa ƙasar nan a 2022 saboda haka, ba ta dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba, 2024. Da yawa daga waɗanda suka ci gaba da zuwa kuma sai suka rufe kujeru masu araha ga mai biya da naira, suka bar masu tsada kaɗai. A kwanakin, wanda ya saya ta hannun ejan na Akara ko ya biya da dala yakan samu rangwame mai yawa. Daga nan ne mutanenmu suka riƙe cewa biya da dala ya fi sauƙi a ko da yaushe. Gaskiya ce ta zamaninta. Amma tun da Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, aka kuma biya kamfanonin mafi yawan kuɗinsu a 2024, tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da na 'yan canji ta ragu sosai, kujeru masu araha kuma sun dawo. Yanzu sai an zauna an yi lissafi.

Ga wani da muka yi tare da wani ɗan uwanmu mai sayar da kayan waya, wanda zai je Guangzhou sari. Na ɗan cike lambobin don sauƙin bi. Ya ga tikitin zuwa da dawowa a shafin kamfanin jirgi a kan dala 1,200. Iyakar katinsa dala 1,000 ce a wata uku, kuma ya riga ya taɓa dala 150 a ciki wajen biyan kuɗin wata jarrabawa ta ɗansa. Saura 850 ke nan. Sau uku yana gwadawa, allo yana nuna masa Declined, alhali akwai sama da naira miliyan huɗu a asusun. Shi a tunaninsa matsalar sabis ce. Hanyar ganewa ba wuya: idan ko saƙon OTP bai zo ba aka ƙi biyan, galibi ko dai ba a kunna wa katin sayayyar waje ba, ko kuɗin ya zarce iyaka. Kuma shafin jirgi yawanci ba ya yarda a raba tikiti ɗaya a kan kati biyu, balle ya ce ya biya 850 yanzu ya cika sauran gobe.

Muka kira ejan da ke sayarwa da naira. Ejan ba ya lissafi da farashin Alhajin canji na Broad Street, yana bin farashin da tsarin IATA ya sa masa a na'ura. A ranar naira 1,530 ne kowace dala. Dala 1,200 sau 1,530 ya ba da naira 1,836,000, ejan ya ɗora 25,000 na ladansa, jimilla 1,861,000. Daga nan muka tambayi 'yan canji, suka ce 1,550. Dala 1,200 a wannan farashin naira 1,860,000 ce. Wato bambancin naira dubu ɗaya tak, kuma ba mu sa kuɗin motar zuwa karɓo dalar ba, da layin banki wajen zuba ta a asusun dala, da kasadar ratsa ƙarƙashin gadar Obalende da dala a aljihu. Ya biya ejan da naira, kafin la'asar tikiti ya fito.

Ba ina cewa asusun dala ba shi da amfani ba. Ga mai tafiya sau biyu ko uku a shekara, ni ina ganin ya kamata ya buɗe, ya karɓi katinsa tun babu tafiya a gabansa, domin buɗewa da fitowar kati da kunna shi ba aikin yini ɗaya ba ne. Babban amfaninsa yana bayyana ne ranar da aka fasa tafiya. Kamfanin jirgi yana mayar da kuɗi ne ta hanyar da aka biya shi. Idan da katin dala ka biya, dala za ta dawo maka. Idan da naira ka biya ejan, nairar da ka bayar ce za ta dawo bayan an cire tara, ko da kuwa dala ta tashi a tsakani. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma a farkon Yunin 2023 zuwa wajen 1,500 a Fabrairun 2024 ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sai dai a kula, katin dala yana da sauƙi ne idan da dala aka sa farashin. Idan da fam ne ko yuro ko riyal, za a sake canzawa, banki kuma ya ɗora ladansa. Saboda haka a zuba abin da ya ɗan ɗara farashin tikitin, don kada a ƙi biya saboda giɓin dala goma.

Wasu sukan ce ai sai su nemi PTA a banki su biya tikitin da ita. An juya abin. Kafin banki ya ba ka wannan guzurin, wanda iyakarsa dala 4,000 ce a wata uku, sai ka cike Form A ka nuna biza da tikitin zuwa da dawowa. Tikitin ne ke gaba.

Hanyar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta biya da katin wani. Ɗan uwa a Jidda ko Landan ya biya maka da katinsa, kai kuma ka tura wa iyalinsa naira a Kano. Ba laifi ba ne, kuma sau da yawa yana tafiya lafiya. Amma wasu kamfanonin suna da sharaɗin cewa za su iya neman ganin katin da aka biya da shi a wurin awon kaya. Ka tsinci kanka a filin jirgin Murtala Muhammed da ƙarfe tara na dare, mai kati yana barci a wata ƙasa, ma'aikaci kuma yana cewa ko ka kawo shaida ko ka sayi sabon tikiti. Maganinsa shi ne mai katin ya nuna tun wajen biya cewa ba shi ne matafiyin ba, ya kuma kammala tantancewar da kamfanin ya nema kwanaki kafin tafiya. Sannan ku yi magana a fili tun farko a kan abin da zai faru idan aka fasa, domin katinsa kuɗin za su koma, ba asusunka ba. Na zauna sulhun 'yan uwa biyu a kan wannan. Shi wanda ya biya ya ce zai mayar da nairar da aka ba shi, shi kuma matafiyin ya ce a lissafa masa da farashin dala na ranar da kuɗin suka dawo. Kowannensu yana da hujja, kuma babu wanda ya rubuta komai.

Wannan duk tsakanin mutanen kirki ne. Akwai kuma masu talla a WhatsApp, tikitin dala 1,200 su ce ka kawo kwatankwacin 800. Babu ejan da ke da irin wannan rangwamen. Ko dai da katin sata suka biya, wanda da zarar mai shi ya kai ƙara za a soke tikitin, wataƙila kana can ba ka dawo ba, ko kuma ba su biya komai ba, kujera kawai suka kama maka.

Takardar kama kujera da tikiti na gaske suna kama da juna, dukansu suna ɗauke da sunanka da ranar tafiya da PNR, wato haruffa da lambobi shida. Amma kujerar da ba a biya ba tana da wa'adi, idan ya cika sai ta faɗi da kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma ukun farko na kamfanin ne: 071 na Ethiopian, 157 na Qatar, 176 na Emirates, 065 na Saudia, 077 na EgyptAir. Ko an ba ka lambar, kada ka tsaya a kan takardar da aka turo maka. Ka shiga shafin kamfanin da kanka, wajen da aka rubuta Manage booking, ka sa PNR da sunan ƙarshe kamar yadda yake a fasfo, ka tabbata lambar tikitin ta fito a can. Ka yi hakan a ranar da ka biya, domin a ranar ce ejan zai iya soke tikitin da aka yi kuskuren suna a ciki ba tare da babbar asara ba. Ka sake dubawa kwana biyu kafin tafiya.

Idan kuma banki ya cire kuɗi amma tikiti bai fito ba, kada a yi saurin sake biya. Sau da yawa riƙe kuɗin aka yi, ba a kai ga miƙa su ba, kuma sukan dawo bayan wasu kwanaki. A ɗauki hoton allon da saƙon cire kuɗin, a fara kiran kamfanin jirgin a ji ko biyan ya iso gare su, sannan a je banki da amsar da suka bayar.