Kalmomi uku da ke kashe takardar koke

Mu da muke zaune a ƙasar da ba a nan aka binne cibiyarmu ba, yawancin haƙƙinmu da takarda muke nemansa. Ko kwata ce ta toshe, ko an yanka mana tikiti biyu a kan kaya ɗaya, sai an rubuta an kai ofis. Sau da yawa kuma gaskiya tana hannunmu, amma takardar ta tafi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wani lokaci laifin na ofis ne. Wani lokaci kuwa takardar ce ta fita da abin da zai kashe ta a cikinta, wato zargi, da gatse, da barazanar da aka lulluɓe. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya da wata takarda da aka kawo mana mu duba a daminar da ta wuce.

Ga yadda abin yake. An gyara titin da ya bi ta gaban layin masu hatsi. Da aka gama, aka bar tulin yashi da fasasshen kwalbati a bakin babbar kwata. Ruwa ya sauka sau uku, ya shiga shago goma sha huɗu, ya jiƙa buhu sittin da biyu na wake da masara. Kafin nan 'yan layin sun rubuta takarda sau biyu, kuma suna riƙe da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Koke ne mai ƙarfi, ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri. Wani matashi mai himma ya rubuta ta uku da Hausa, don a karanta wa dattawa kafin a juya ta zuwa Turanci.

Layin farko da muka tsaya a kansa shi ne: "Kowa ya san an cinye kuɗin aikin nan, kuma da gangan aka bar mu a haka saboda mu Hausawa ne." Da aka karanta, kowa ya gyaɗa kai, domin abin da ke zuciyar mutane ke nan. Sai muka tambaya, wa ya ga an ci kuɗin? Wa zai iya tsayawa gaban alƙali ya ce a gabansa aka yi? Babu. Abin da muka gani da ido yashi ne, da kwalbati, da ruwa. Cin kuɗi da niyyar mutum kuwa zato ne, ko da zaton ya yi daidai.

Illar zargi ita ce yana ba mai karatu abin da zai amsa wanda ba shi ne matsalarmu ba. Jami'in da ya karanta wannan layi zai zauna ya rubuta cewa ba a ci kuɗi ba, kuma ofishinsu ba ya nuna bambancin ƙabila. Shi ke nan ya amsa takarda, yashi yana nan inda yake. Idan kuma an kama sunan mutum an ce ya ci kuɗi ba tare da hujja ba, ana iya maka masu sa hannu a kotu kan ɓata suna. Ana gane zargi da kalmominsa: "kowa ya san", "da gangan", "kullum", "ba ku taɓa". Duk inda takarda ta fara faɗin abin da ke cikin zuciyar wani, ta bar shaida ta koma zato.

Ba mu jefar da maganar bambancin ba, domin akwai abin gani a cikinta. Mun rubuta ta haka: "An kwashe yashin da aka bari a layuka biyu da ke gabas da mu a makon farko na watan Mayu. Na layinmu yana nan har yau." Wannan ba mai iya musa shi, kuma duk mai hankali da ya karanta zai yi wa kansa tambayar da muke so ya yi.

Na biyu shi ne gatse, kuma shi ya fi wuyar cirewa saboda daɗinsa. Yaron ya rubuta: "Muna godiya da kogin da kuka gina mana kyauta, saura ku aiko mana da kwalekwale." Aka kwashe da dariya, har da masu tafawa. Wannan dariyar ita ce alamar. Duk layin da aka yi wa shewa a wajen karatu, mu aka rubuta wa shi, ba wanda za a kai wa takardar ba. Sauran alamomin su ne kalmar "wai", kamar a ce "wai injiniyanku", da tambayar da ba a jiran amsarta, kamar "ko sai mun koya muku aikinku ne?", da yabon da ya wuce kima har ya zama zagi.

Ku tuna da hannun da takarda take bi. Akawu ne yake karɓa ya buga hatimi ya sa a fayil. Daga nan ta je teburin wani jami'i, shi zai yi ɗan rubutu a gefe ya tura wa na sama da shi. Ba ɗayansu da ya zuba yashin. Amma kowannensu mutum ne, kuma ba wanda zai ɗauki takardar da ta mayar da shi abin dariya ya kai wa maigidansa da hannunsa yana cewa a taimaka wa mutanen nan. Sai ya tura ta ƙasan fayil, kuma ba dokar da ya karya.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Habaicinmu a cikin murya yake da sanin juna, ba ya tsallaka harshe lafiya. Idan mai fassara ya juya maganar kogi kalma da kalma, wanda bai san mu ba zai iya ɗauka wasa muke yi, abin bai dame mu ba. Idan kuma ya gane, sai ta fito masa da kaifin da ya fi na Hausar. A madadin kogin da kwalekwalen muka sa adadi: ranakun da ruwan ya shiga, yawan shaguna, yawan buhuna, da hotuna huɗu. Buhu sittin da biyu ya fi kowace baƙar magana nauyi.

Na uku shi ne mafi haɗari. A ƙarshen takardar an rubuta: "Haƙurinmu ya kusa ƙarewa, ba kullum za mu iya riƙe matasanmu ba, duk abin da ya biyo baya kada a zarge mu." Mai rubutun bai nufi komai ba illa a ji zafin abin. To amma mu karanta da idon wanda ke ofis. Shi ya san abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, yadda saɓani tsakanin mutane kaɗan ya zama ƙone-ƙone da asarar rayuka. Idan ya ga takarda daga zango tana maganar matasan da ba za a iya riƙewa ba, ba sashen ayyuka zai tura ta ba, wajen 'yan sanda za ta tafi. Koken kwata ya zama maganar tsaro, waɗanda suka sa hannu su za a kira su yi bayani. Idan kuma tsautsayi ya sa wani yaro ya jefi motar wani bayan wata guda, ga takarda nan da hatiminmu tana cewa mun san za a yi.

Barazana ba ta cika zuwa da sunanta ba. Tana zuwa ne da "mun san abin da za mu yi", ko "zaɓe dai na nan tafe", ko "mun san inda za mu same ku". Har "Allah ya isa" da "mun bar ku da Allah", waɗanda a wajenmu kukan wanda aka zalunta ne, a takarda tsinuwa suke zama. Addu'a tana da wurinta, a kan sallaya. Allah da ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, zuwa ga Fir'auna, magana mai laushi ya umarce su da ita, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Jami'in ƙaramar hukuma bai kai Fir'auna ba.

Wasu dattawa suka ce, to Malam, idan an cire wannan ai takardar ba ta da haƙori, za a ce tsoro muke ji. Tambaya ce mai kyau. Akwai bambanci tsakanin barazana da faɗin mataki na gaba. Barazana tana ɓoye abin da za a yi don a ji tsoro. Mataki kuwa ana faɗin sunansa da ranarsa, doka ta yarda da shi, kuma da gaske za a yi shi. Sai muka rubuta: "Muna roƙon a kwashe yashin a gyara kwalbatin cikin kwana goma sha huɗu. Idan ba mu ji amsa ba, za mu kai kwafin takardunmu uku ga Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a." Hukuma ce ta tarayya da aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan kuɗi don kai mata koke. Wannan layin ya fi na matasan haƙori, domin yana nuna wa jami'i cewa wani zai zo ya tambaye shi me ya yi da takardar, kuma ba abin da zai kama mu da shi.

Da aka gama gyara, takardar da ta cika shafi biyu ta koma rabin shafi: su wane ne mu, me ya faru da ranakunsa, me muka yi asara, takardun da muka riga muka kawo, abin da muke roƙo, da wa'adi. Sarkin Hausawa da shugaban 'yan layin suka sa hannu, aka kai kwafi biyu, aka dawo da ɗaya da hatimin karɓa.

Ga duk wanda aka ba shi takarda irin wannan ya duba, shawararmu ita ce kada a aika ta ranar da aka rubuta ta. A bar ta ta kwana. Washegari a sami wanda ruwa bai shiga shagonsa ba, a ce ya zauna a matsayin jami'in, a karanta masa da ƙarfi. A kowane layi a tambaya: mun gani ko zato muke? An rubuta don a gyara ko don a yi dariya? Za mu iya maimaita shi a gaban Sarki da 'yan sanda ba tare da mun ce ba haka muke nufi ba? Bayan an juya ta Turanci kuma, a sa wani daban ya sake juyo mana ita da Hausa da baki, domin wani lokaci mai fassara yakan ƙara nasa yajin.

Shi kuma yaron da ya yi rubutun, kada a kunyata shi a gaban mutane. Fushinsa na gaskiya ne, kuma da shi za mu ci gaba da rubutu gobe. A zauna da shi a nuna masa layin da dalilin cire shi. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba mu haƙƙinmu cikin mutunci. Amin.