Ɗigo biyu da ruwan kogin Isa

Duk shekara idan muka zo darasin kogin Isa, tambaya ɗaya ce ke tsayar da ajina a nan Talaje: me ya sa kogi ke cika a watan Janairu, ana tsakiyar sanyi, alhali rabon Yamai da ruwan sama tun ƙarshen damina? Amsar ba ta da wuya. Kogin na cika sau biyu. Cikar farko ta Agusta da Satumba ce, ruwa ja mai laka da Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa daga wajen Burkina Faso, irin wanda ya ci gidaje a Saga da Lamorde a 2020. Ta biyu kuwa ruwan daminar Gini ne, wanda ke shiga babbar fadamar Mali tsakanin Mopti da Tumbutu, ya bazu, ya yi watanni kafin ya iso mana.

Sai dai allo da alli ba sa nuna jinkiri. Ka zana kibiya daga Gini zuwa Yamai, ka zana wata daga Sirba, yaro zai ga kibiya biyu iri ɗaya, sai dai wata ta fi wata tsawo. Shi ya sa na haɗa bidiyon minti ɗaya da PowerPoint, ni da ko akuya ban iya zanawa ba. Abin da ke cikinsa duka-duka: layi mai lanƙwasa a matsayin kogi, da'ira mai faɗi a matsayin fadama, ɗigo shuɗi, ɗigo ja, sai akwatuna shida a jere a ƙasa, daga Agusta zuwa Janairu, da ƴar alama mai tafiya a kansu.

Abin da nake so malamai su riƙe shi ne ma'aunin lokaci. Yadda taswira ke cewa santimita ɗaya kilomita kaza ne, haka bidiyo irin wannan ke buƙatar a ce wata ɗaya sakan kaza ne. Ni na ɗauki sakan 4. Wata shida ke nan sakan 24, kuma duk wani motsi daga wannan lissafi ya fito.

Na fara da alamar watanni. A kwamfutocinmu masu Faransanci, ana zaɓar abin, a shiga `Animations`, a nemi `Trajectoires`, a ɗauki `Lignes`, a ja layin daga akwatin farko zuwa ƙarshen na shida, a sa `Durée` 24. Shi kuma ɗigo shuɗi hanyarsa ba miƙaƙƙa ba ce, don haka `Chemin personnalisé` ake ɗauka, wanda masu na Ingilishi za su gani da sunan `Custom Path`, a bi kan layin kogin da hannu.

A nan aikin yake. Idan aka ba ɗigon hanya guda daga Gini har Yamai, zai ratsa fadama da saurin da ya ratsa ko'ina, darasin kuma ya mutu. Dole a raba tafiyar uku. Kashi na farko, daga Gini zuwa bakin fadama, watan Satumba ne: ya jira sakan 4, ya yi tafiyar sakan 4. Kashi na biyu cikin fadama, Oktoba da Nuwamba: ya fara a sakan na 8, ya ɗauki sakan 8 a kan ƴar gajeruwar hanya, yana jan jiki kamar mai ciwon ƙafa. Na uku, daga Tumbutu ta Gawo zuwa Yamai: ya fara a sakan na 16, ya ɗauki 4. A sakan na 20 ɗigon na isowa, alamar ƙasa na shiga akwatin Janairu. Ana sa dukkansu a kan `Avec la précédente`, a rubuta jiran kowanne a `Délai`, watau 4 da 8 da 16. Kada a bar ko ɗaya a kan `Au clic`, tunda a bidiyo babu mai dannawa.

Waɗannan watanni kintace ne na aji, ruwa ba ya duba kalanda. Amma tsarin gaskiya ne, kuma shi ake son yaro ya gani.

Abu biyu ke lalacewa, kuma duka ido na kama su. Na farko, duk sabuwar hanyar da aka ƙara tana farawa ne daga inda aka ajiye ɗigon tun asali. In ka ga ya kai Mali ya yi wuf ya koma Gini, to mafarin hanya ta biyu, mai koren baki, ba ya kan ƙarshen ta farko mai ja. Sai a ja shi a ɗora. Na biyu, manhajar kan sa abu ya tashi a hankali ya kuma tsaya a hankali. Wannan na da kyau a talla, amma a nan yana sa ɗigon ya yi turus a kowace mahaɗa, alamar watanni kuma ta daɗe a Agusta ta ruga a Oktoba. A buɗe `Volet Animation`, a shiga zaɓin kowane motsi, a mayar da sassaucin farko da na ƙarshe sifili.

Ɗigo ja bai ba ni wahala ba. Tafiyarsa ta kwanaki ce, na ba shi sakan 1, na sa ya maimaita cikin Agusta da Satumba. Yana zuwa yana komowa, shuɗin bai ko kai Mopti ba.

Murya na fara ɗauka kafin komai, da wayar salula, bayan isha, domin da rana Talaje ba ta rasa ƙarar babur ko jirgin da ke sauka. Sakan 24 ba sa ɗaukar magana da yawa. Jimla biyar na yi, na ajiye sunayen garuruwa da gabatarwa a shafin da ke gaba, inda babu abin da ke motsi. Ra'ayina kuma shi ne a bar sunaye su zauna wuri ɗaya. Na ga bidiyoyin darasi da kowace kalma ke shigowa da tsalle, yara suna kallon tsallen suna manta kogin.

Rubutun Hausa na da tasa matsalar: wasu salon haruffa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito daban da sauran ko su zama akwati. Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu, yana da su. A kuma yi rubutun manya-manya, domin a waya iyaye za su kalla. Saboda su ne ma a `Fichier`, `Exporter`, `Créer une vidéo` nake zaɓar 480p, don kada kuɗin intanet ɗin gida ya ƙare a kan darasi ɗaya.

Kafin in tura, nakan kashe sautin in miƙa wa yaron da bai zauna darasin ba, in ce ya faɗa mini abin da ya gani. Ƴar maƙwabtanmu ta ce shuɗin ya maƙale a cikin da'irar, sannan ta tambaya ko duk ruwan ne ke fitowa. Ba duka ba, rana na shanye wani kaso mai yawa a fadamar. Don haka na ƙara wa ɗigon `Agrandir/rétrécir` a kashi na biyu, jira 8, tsawo 8, ya shiga da girmansa ya fito ya rage.