Alat ya shigo, kuɗi bai shigo ba

Iyayena da 'yan'uwana 'yan ƙungiya, an ce in yi bayani a kan karɓar kuɗi ta waya, ni kuwa da kuɗinku na koyi abin, don haka zan faɗe shi yadda ya faru.

Kun tuna watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, da tsabar kuɗi ta yi wuya har masu POS suka rasa abin ba mutane. A lokacin ne na kai masarar ƙungiya buhu 8 daga Kibiya zuwa kasuwar Rano. Wani mutum mai kamala ya taya, muka daidaita a kan naira 22,000 kowane buhu, jimla 176,000. Ya ce taransifa zai yi. Na ba shi lambar asusu, ya danna wayarsa, ya nuna mini rasit. Can sai tawa wayar ta yi ƙara. Na leƙa, na ga 176,000, na ce wa yara su loda masa.

Washegari na je wurin mai POS zan ciro kuɗin taki, injin ya ce kuɗin bai isa ba. Mai POS ɗin ya ce, "Baba, mu ga alat ɗin." Ya duba, ya yi shiru, sannan ya ɗora yatsa a saman saƙon. Ba sunan banki ba ne a wurin, lambar waya ce irin tawa da taku. Ya sauko ƙasa inda ake rubuta ragowar kuɗi. Da ma akwai 41,000 a asusun, kamata ya yi in ga 217,000, amma saƙon 176,000 ya nuna, domin wanda ya rubuta shi bai san abin da ke ciki ba. Gwiwata ta yi sanyi. Duk wannan yana tafin hannuna tun jiya, ban karanta ba. Gaggawa ta ja ni, kuma na ji nauyin in nuna wa babban mutum ban yarda da shi ba. Laifina ne.

Saƙon tes kowa yana iya rubuta shi, har sunan banki gwanayensu suna iya ɗorawa. Rasit kuma hoto ne, ana gyara shi. Shaidar da za ku riƙa ita ce asusunku: ku buɗe manhajar da kanku, ko ku danna lambar duba ragowar kuɗi ta bankinku, ku ga adadin ya ƙaru daidai da cinikin. Wanda bai iya karatu ba ya sa ɗansa ya duba masa, kada ya miƙa wa mai saye wayar, balle lambar sirri.

Wani lokaci da gaske an turo, matsalar sabis ce ta riƙe kuɗin. Ko a nan ma kaya ba sa hawa mota. Ku ce, "Alhaji, a yi haƙuri, mu jira ya shigo." Ina kuma roƙon shugaba a rubuta a littafin ƙungiya cewa daga yau mutum biyu ne za su ga ragowar kuɗin kafin buhu ya fita.