Kukan numfashin yaro da dare: a saurari tarin, a dubi miyau

A cikin kiraye-kirayen wayar da nake samu bayan ƙarfe ɗaya na dare, daga 'yan uwa da maƙwabta da suka san aikina a ɗakin kula da yara na gaggawa, akwai guda ɗaya da ba na amsawa a kwance. Shi ne wanda uwa za ta ce yaro yana numfashi da ƙara, kamar ana jan zarto a wuyansa. Kafin ta ƙarasa bayani nakan yi mata tambaya biyu: yana tari? Yana haɗiye miyau? Wasu sukan ji haushi, su ga ina ɓata lokaci, amma amsar tambayoyin nan ce ke raba cututtuka biyu da ke kama da juna a kunne. Ɗaya takan tsorata iyaye ta wuce cikin kwana uku ko huɗu. Ɗayar kuwa tana iya toshe numfashi kafin asuba.

Ta farko likitoci suna kiran ta kurup. Ƙwayar cuta irin ta mura ce ke kumbura hanyar iska a ƙasan maƙogwaro, daf da inda murya ke fita. Ta fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 3, saboda hanyar iskarsu a nan wurin ƙarama ce ƙwarai. Faɗinta a jariri bai wuce milimita 4 ba, don haka idan bangonta ya kumbura da milimita 1 kacal, faɗin ya koma 2, kuma kashi uku cikin huɗu na hanyar ya tafi. Kumburin da zai sa babba dishewar murya kawai, shi ne zai sa yaro jan numfashi da kuka.

Ta biyu ita ce efigilotaitis, wato kumburin ɗan marfin da ke gindin harshe, wanda ke rufe hanyar iska duk lokacin da muka haɗiye abinci. Wannan bakteriya ce ke kawo ta, galibi wadda ake kira Hib, kuma ta fi zuwa wa yara masu shekara 2 zuwa 7. Marfin yakan kumbura ya yi ja ya zauna a bakin hanyar iska kamar murfin kwalba. Kowace haɗiya azaba ce, shi ya sa yaron yake barin miyau ya zuba.

Yaron da ke da kurup mai hayaniya ne. Wani ɗan shekara biyu da aka kawo mana a wani dare na hunturu shi ne misalin da nakan ba sababbin ma'aikata. Kwana biyu yana mura da ɗan zafin jiki, yana wasansa. Da tsakar dare ya farka da tari mai kama da haushin kare, murya a dishe, kuma duk jan numfashi yana fitar da ƙara mai kaifi. Uwarsa tana kuka, shi ma yana kuka, kukan kuma yana ƙara ƙarar. Zafin jikinsa 38. Na miƙa masa ruwa a kofi ya kurɓa ya haɗiye, rigarsa a bushe. Daga nan hankalina ya kwanta rabi.

Abin da ya rage shi ne sanin tsananin. Na ce wa uwar ta zauna ta rungume shi a zaune a cinyarta, muka ja baya muna kallo daga nesa. Idan ƙarar tana fita ne kawai lokacin kuka, ta ɓace da yaro ya yi shiru, kurup ɗin mai sauƙi ne. Wannan yaron ko da ya natsu ƙarar tana nan, kuma fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa suna lotsawa da kowane numfashi. Nauyinsa kilo 12. Likita ya rubuta deksametason, maganin rage kumburi, a miligiram 0.6 ga kowane kilo, ya kama miligiram 7 da ɗan ɗori, sha ɗaya tak. Wasu asibitocin suna ba da ƙasa da haka, har miligiram 0.15 ga kilo, kuma yana aiki. Maganin yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu kafin a ga amfaninsa, don haka aka haɗa masa da adirenalin ta na'urar shaƙa, wanda ke matse kumburin cikin minti 10 zuwa 30. Kafin rabin awa yaron ya yi barci a kafaɗar uwarsa.

Nan ne rigima takan tashi. Uban ya miƙe ya ce: "Sista, tunda ya samu sauƙi bari mu tafi, ina da kasuwa da safe." Na ce masa: "Alhaji, a yi haƙuri, aikin wannan maganin awa biyu ne, idan ya sake shi ƙarar na iya dawowa a hanya." Duk yaron da aka shaƙa wa adirenalin sai ya zauna awa biyu zuwa huɗu ana duba shi. Da gari ya waye suka tafi ba tare da ko allura ɗaya ba, kuma ba mu ba shi antibayotik ba, domin ba ya kashe ƙwayar mura.

Game da sirace, wanda kusan kowace kaka takan ba da shawara: an gwada tururin ruwan zafi a bincike ba a ga yana rage kurup ba, mu kuwa mun sha ɗaure ƙunar yaran da tukunyar ta kife musu a cinya. Ruwan tarin kemis ma ba ya taɓa kumburin, wasu nau'o'insa ma suna sa barci, sai ka kasa gane ko yaron sauƙi ya samu ko gajiya ce ta kama shi. Abin da ke taimako a gida shi ne rarrashi, zama a miƙe, ruwa ko nono kaɗan-kaɗan, da farasitamol idan akwai zazzaɓi. Amma da zarar ƙarar ta ci gaba alhali yaro yana natse, ko ƙirji na lotsawa, ko leɓe ya canza launi, ko ya fara yin laushi, sai asibiti a daren, ba a jira safiya.

Yaron da ke da efigilotaitis shiru ne, kuma shirun nan ne ke yaudarar mutane. Yarinyar da ba na mantawa shekararta huɗu. Da la'asar lafiyarta ƙalau, bayan magariba ta ce wuyanta na ciwo, kafin sha ɗayan dare zafin jikinta ya haura 39. Babu mura kafin nan, babu tari. Tana zaune a jikin kakarta, ta karkato gaba, ta miƙa haɓa, baki a buɗe, miyau ya jiƙa gaban rigarta. Muryarta ba dishewa ta yi ba, ta toshe ne, kamar mai magana da dankali mai zafi a baki. Ƙarar numfashinta ma ƙasa-ƙasa ce, ba ta kai ta yaron kurup ba. Ba ta kuka, ba ta motsi, idanunta kawai ke bin mu. Wannan zaman da ta zaɓa shi ne ke riƙe mata ɗan abin da ya rage na hanyar iska.

Kakar ta ce tun a gida wata maƙwabciya ta so a danna harshen da cokali a gani, wani kuma ya ce beli ne ya sauko, a kira wanzami da safe. Allah ya sa uban ya ƙi. Taɓa maƙogwaron irin wannan yaro, ko kwantar da shi a rigingine, ko sa shi kuka mai tsanani, yana iya sa marfin ya rufe hanyar gaba ɗaya nan take. A asibiti ma dokar ɗaya ce. Ba mu buɗe bakinta ba, ba mu nemi jijiya ba, ba mu ɗebi jini ba, ba mu tura ta ɗaukar hoto ba. Kakar ce ta riƙe bututun oksijin kusa da fuskarta, mu kuma muka kira likitan sa barci da likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Aka wuce da ita ɗakin tiyata a zaune, aka sa ta barci a hankali, aka zura mata bututun numfashi, likitan maƙogwaro yana tsaye da kayansa ko da za a buƙaci huda wuya. Sai bayan nan aka sa ruwa, aka ɗebi jini, aka fara allurar seftirayakson. Kwana biyu aka cire bututun, ta ci gaba da maganin har mako ya cika.

Ga iyaye, wannan yana nufin abu kaɗan ne a hannunku, amma shi ne mai muhimmanci. Kada a ba shi abinci, ruwa ko magani ta baki. A ɗauke shi yadda ya zauna, a cinyar wanda ya fi yarda da shi, kada a goya shi, kada a shimfiɗa shi a kujerar baya. Sannan a nufi babban asibiti mai ɗakin tiyata da likitan sa barci kai tsaye. A gari irin Legas ko Ibadan, inda tsayawa a kemis, daga nan ƙaramin asibitin unguwa, daga nan a rubuta takardar turawa, ke iya cin awa uku, zaɓen asibitin farko shi ne rabin maganin. Da isa a faɗa wa ma'aikacin farko kalmomi uku: zazzaɓi, miyau, ba tari.

Kurup muna ganinsa a kai a kai, efigilotaitis kuwa ya yi wuya, kuma dalilin allurar rigakafi ce. Allurar Penta, wadda Najeriya ta shigar cikin rigakafin yara a 2012, tana ɗauke da kariya daga Hib, ana yin ta a mako 6, 10 da 14 na haihuwa. Yarinyar can guda ɗaya aka yi mata, sai aka yi tafiya gida, katin ya ɓace. Shi ya sa tambayata ta uku a waya ita ce katin rigakafi. Cikakken kati yana rage yiwuwar cutar sosai, ko da yake bai kore ta gaba ɗaya ba, domin wasu ƙwayoyin ma suna iya kawo ta. Idan gwaji ya nuna Hib ne kuma akwai ƙaramin yaro a gidan da bai kammala rigakafi ba, likita yakan ba mutanen gidan rifamfisin na kwana huɗu.

Katin yana da wani amfani. Penta ɗin nan ita ce kuma ke kare yaro daga mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da wasu jihohi tun ƙarshen 2022, kuma mutanenmu ba sa rabuwa da hanya tsakanin kudu da arewa. Mashaƙo ma yana kawo ƙarar numfashi da dishewar murya, sai dai yakan zo a hankali cikin kwanaki, da kumburin wuya daga waje da farar fata-fata a maƙoshi. Yaron da bai yi rigakafi ba, ya dawo daga tafiya da irin wannan, a faɗa wa likita tun a bakin ƙofa domin a keɓe shi. Wanda kuma ƙarar ta zo masa farat ɗaya da rana tsaka, ba zazzaɓi ba mura, yana cikin cin gyaɗa ko wasa da murfin biro, wannan abu ne ya faɗa masa hanyar iska, kuma shi ma babban asibiti ake nufa da shi a zaune.