Minti biyar a taron safe

Minti biyar shugabar makaranta ta ba malamar tarihi domin ta yi wa ɗalibai jawabi kan Ranar Harshen Uwa ta Duniya. Malamar ta fara da tambaya: me ya sa aka zaɓi 21 ga Fabrairu?

Ta ce a wannan rana, cikin 1952, ɗalibai suka fito zanga-zanga a birnin Daka na Gabashin Fakistan, wato Bangaladash ta yau. Gwamnati ta nace Urdu kaɗai ne harshen ƙasa, alhali masu magana da Bangali sun fi yawa. 'Yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Sai a 1956 tsarin mulki ya amince da Bangali. Bangaladash ce ta kai shawara gaban UNESCO, aka ayyana ranar a 1999, aka fara bikinta a 2000.

Daga nan malamar ta naɗe takardarta ta Turanci, ta koma Hausa: "Yara, wa aka taɓa cin sa tara don ya yi Hausa a aji?" Hannuwa suka tashi. Littafin tarar kuwa yana ofishin shugabar, wadda ke tsaye kusa da ita.