Shafi Ɗaya, Magana Ɗaya

Mai kuɗi ba ya karatu da sauraro a lokaci guda. Wannan shi ne abin da na fi riƙewa daga shekarun da na yi ina duba takardun masu neman rancen noma a banki, kafin in yi ritaya in dawo gida Gumel. A zamaninmu da fayil ake zuwa. Yaran yanzu kuwa shafuka suke shiryawa a PowerPoint, su haska a bango ko su tura ta waya, domin su shawo kan masu zuba jari. Ko yanzu, da zarar ka haska wa mutum shafi cike da rubutu, idonsa zai tafi can, kunnensa ya bar ka. Kana layi na biyu ya kai na tara, ya riga ya fara tunanin tambayar da zai kayar da kai da ita.

Ɗan ƙanena ne ya sa na sake zama a kan wannan batu. Yana son kafa injin tace riɗi a Maigatari, inda kasuwar Alhamis ke tara mutane daga ƙasar Gumel da kuma Nijar. Dabararsa mai kyau ce: dillalai su kawo riɗin da suka saya daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ya raba shi da yashi da ƙaiƙayi, su biya shi ladan kowane buhu. Ya sami ganawa da wasu attajirai a Kano, sai ya kawo mini shafukansa in duba.

A shafi na huɗu na tsaya. Kanunsa kalma ɗaya ce, "Kasuwa". A ƙarƙashi akwai layi goma sha ɗaya, ƙananan haruffa kamar na takardar magani. Ya faɗi cewa Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma riɗi, ya kawo tarihin yankin ciniki maras haraji na Maigatari, ya yi bayanin dattin da ke cikin buhu, ya sa ladan tacewa, har da digirinsa. Na ce, "Ɗana, idan Alhajin nan ya fita ya manta komai sai abu ɗaya daga wannan shafi, me kake so ya riƙe?" Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ai duka suna da muhimmanci." Na ce ban musa ba, amma ba a ɗora wa jaki ɗaya kayan amalanke.

Gyaran daga kanu yake farawa. "Kasuwa" suna ne kawai, ba ya cewa komai, shi ya sa kowane zance ke samun wurin fakewa a ƙarƙashinsa. Kanu ya kamata ya zama cikakkiyar jimla, wadda mutum zai iya yarda da ita ko ya musa. Yaron ya riga ya auna buhunan wasu dillalai da kansa, ya ga a kilo 100 kusan kilo 8 datti ne. To kanun ya koma haka: "A kowane buhun riɗi mai kilo 100, kilo 8 yashi ne da ƙaiƙayi." Da muka rubuta wannan, sauran layukan suka tona kansu. Tarihin yankin ciniki ba ya taimakon wannan jimla, ya fita. Digiri ya koma shafin da ke gabatar da masu aikin. Abin da ya rage hoto ne guda, tafin hannunsa biyu, ɗaya da riɗi mai ƙasa-ƙasa, ɗaya da fari tas, sai ɗan layi a ƙasa mai faɗin inda aka yi awon da yawan buhunan.

Wannan ɗan layin kada a taɓa shi da sunan taƙaitawa. Akan sami mai rage rubutu ya share tushen lissafinsa, ya bar lamba tsirara. Attajirin da ya yi shekaru a Dawanau zai tambaya nan take, "Wa ya auna?"

Akwai alamar da nake gane shafi mai ɗauke da magana biyu: idan ba za ka iya rubuta kanunsa ba sai da "da kuma", raba shi. Shafin kuɗinsa haka yake. Ribar buhu da jarin da yake nema duk suna cikin jadawali ɗaya mai gidaje fiye da talatin, wanda ya kwafo daga Excel. Muka mayar da shi uku. Na farko ya ce, "Kowane buhu yana bar mana naira 600", da lissafin a fili: lada 1,500, mai da leburori da gyara 900. Na biyu ya ce, "Kaka ɗaya tana kawo naira miliyan 4.8", wato buhu 80 a rana, kwana 100 na aiki. Na uku ya ce, "Muna neman naira miliyan 12, za ta dawo cikin kaka uku", da kashi uku kacal a ƙasa: inji miliyan 7, janareta da rumfa miliyan 2, kuɗin juyawa miliyan 3.

Raba su ɗin ya fito da abin da jadawali ya ɓoye. Da "kwana 100" ya tsaya shi kaɗai da manyan haruffa, yaron da kansa ya ce, "Baba, anya riɗi zai yi ta shigowa har kwana ɗari?" Ya koma wurin dillalai ya sake tambaya kafin wani ya tambaye shi a gaban jama'a. A ganina wannan ya fi kyan shafin amfani.

Ya yi ƙorafin cewa shafukan za su yi yawa. Wani Ba'amurke mai harkar zuba jari, Guy Kawasaki, ya ba da shawara a 2005: shafi 10, minti 20, haruffa kada su gaza girman 30. Ni na ukun na fi ɗauka da muhimmanci, domin shi ke tilasta sauran. Sa harafi a 30 ka ga layi nawa zai shiga. Wanda bai shiga ba, ko dai na baki ne ko na shara. Adadin goma kuwa ban mai da shi farilla ba. Shafi goma sha biyu masu sauƙi sun fi saurin wucewa a kan takwas masu cunkoso. Babban jadawalin ma ba mu jefar ba, mun kai shi can ƙarshe, a buɗe idan an nema.

Gwaji biyu muka yi. Na sa ya kwafe kanun kaɗai a takarda ya karanta mini a jere. Idan labarin ya tafi daga matsala zuwa magani, zuwa riba, zuwa abin da ake nema, ba tare da na ce "to sai me?" ba, tsarin ya zauna. A nan muka ga babu kanun da ke cewa dillalai sun yarda za su biya, sai ya ƙara shafi a kan waɗanda suka yi masa alkawarin kawo kaya. Sannan muka kira ƙanwarsa, wadda ba ta san zancen ba, ana nuna mata shafi na daƙiƙa biyar a rufe, ta faɗi abin da ta gani. Inda ta faɗi wani abu dabam da nufinsa, shafin muka gyara.

Iyakar wannan dabara ita ce shafukan da ake turawa ta WhatsApp ko imel, inda babu kai a wurin balle ka cike giɓi da baki. Waɗannan suna bukatar jimla ɗaya ko biyu na ƙarin bayani a ƙarƙashin kanu, amma a kan maganar nan guda. Don haka kwafi biyu ya tanada, na haskawa da na turawa, kanunsu iri ɗaya, kuma na turawar ya mayar da shi PDF ya buɗe a ƙaramar wayarsa ya tabbatar ana iya karanta lambobin ba sai an ja allo da yatsa ba.