Zamzam a kan auduga

Da zagayen nazari na Gibbs, mai matakai shida, wanda ya fito a 1988, muka yi bitar daren da muka fara jinyar mai gargarar mutuwa, wata tsohuwa a Wemtenga ta Wagadugu. Numfashinta kan ɗauke na daƙiƙa ashirin, sannan ya dawo. 'Yarta ta ce, "Malamai, a ba Inna zamzam." Gabanmu ya faɗi. A matakin tantancewa muka fi daɗewa: wadda ta kasa haɗiya, huhunta ruwan zai gangara, amma hana 'ya wannan hidima ba jinya ba ce. Auduga muka jiƙa, ta shafa mata a leɓe tana laƙƙana mata kalimar shahada. A matakin shirin gaba muka rubuta: za mu riƙa bayyana wa dangi alamun nan tun da rana.